Yadda Ake Sanar Da Abokan Aiki Cewa Za A Riƙa Makara Wasu Ranaku Saboda Kai Yara Makaranta

Ƙofar makarantar yara da ƙofar ofis kusan lokaci ɗaya ake buɗe su. Yawancin makarantun firamare da na nazare suna son yaro ya iso tsakanin bakwai da rabi zuwa takwas saura kwata, ofisoshin gwamnatin tarayya kuma da kamfanoni da dama suna fara aiki ƙarfe takwas. Wanda kai yara ya faɗo kansa, in ba makarantar na jikin ofis ba ne, zai makara. Abin da ke hannunsa shi ne irin makarar da zai yi: ko dai wadda kullum sai an ba da haƙuri an ƙirƙiro uzuri, ko kuwa wadda aka zauna aka yanke mata rana da lokaci, kowa ya san da ita. Ta farkon ce take ɓata suna, don ita ake kira latti. Ta biyun kuwa sauyin lokacin shiga aiki ne da aka amince da shi. Duk matakan da ke tafe hanya ce ta mayar da ta farko ta koma ta biyu.

Za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. A ɗauka wani ma'aikaci ne a sashen kuɗi na wani kamfani a Bompai, cikin Kano. Gidansa yana Rijiyar Zaki, makarantar yaransa biyu tana wajen Kabuga, ana fara aiki takwas a tashi biyar. Maiɗakinsa tana kai yaran kwana uku a mako, sauran kwana biyun shi ne dole, saboda ita ma tana aiki. Mace ce ko namiji, matakan ɗaya ne, sai dai inda za mu nuna bambanci.

Auna lokacin kafin ka buɗe baki

Nan ne mafi yawan mutane suke zamewa. Mutum zai je wa oga da “zan riƙa ɗan makara kaɗan”, alhali shi kansa bai san ko minti goma ba ne ko awa guda. Kalmar “kaɗan” kuwa kowa da yadda yake jin ta. Oga zai ɗauka takwas da minti goma, kai kuma kana nufin tara saura kwata. Daga nan rigima take farawa, ba tare da wani ya yi ƙarya ba.

Saboda haka ka ɗauki mako ɗaya ko biyu kana rubuta lokuta huɗu a waya ko a ɗan littafi: lokacin da kuka fita daga gida, lokacin da kuka isa ƙofar makaranta, lokacin da ka bar ƙofar makarantar, da lokacin da ka zauna a kan teburinka. A lura da na ƙarshen. Isa bakin ofis daban, zama a kan tebur daban. Tsakaninsu akwai neman wurin ajiye mota, binciken masu gadi, sa hannu a rajista ko dangwala yatsa a na'ura, da hawa bene. Waɗannan suna cin minti biyar zuwa goma waɗanda ba kowa yake lissafawa ba. Haka ma na ukun: yaron firamare sai ka sauke shi ya ruga, amma ɗan nazare sai ka fito, ka riƙe hannunsa, ka miƙa shi ga malama, wata rana ma sai an lallashe shi. Ga kuma malamin aji da zai tare ka da maganar littafi ko kuɗin makaranta.

A misalinmu, maigadin makarantar ba ya buɗe ƙofa sai bakwai da rabi. Miƙa ƙaramin yaro yana cin minti goma, don haka mutuminmu yana barin Kabuga wajen 7:40. Daga nan ya bi titin BUK, ya wuce Gadon Ƙaya da Ɗan Agundi zuwa Gidan Murtala, sannan ya nufi Bompai. A ce abin da ya rubuta na zama a tebur ya nuna 8:20 wata rana, 8:25 wata rana, 8:35 wata rana, ranar da hanya ta cushe kuma 8:40. To wane lokaci zai faɗa wa ofis? Kada ya faɗi 8:20, don wannan ranar sa'a ce. Kada kuma ya ɗauki tsaka-tsaki ya ce 8:30, domin zai riƙa saɓawa kusan rabin ranakun. Ya ɗauki mafi muni a cikin ranakun da babu wani abin mamaki da ya faru, ya ɗora minti biyar a kai, ya ce 8:45. Wanda ya yi alkawarin 8:45 ya riƙa zuwa 8:30, ana ganinsa mai cika magana. Wanda ya ce 8:20 ya riƙa zuwa 8:30 ɗin dai, shi ne mai latti a kan latti, ga shi kuma lokacin zuwansu ɗaya.

Da ka samu lokacin, sai ka yi lissafin bashin da kake ci. Minti 45 sau biyu a mako minti 90 ke nan. Zangon karatu yakan kai kamar mako 13, wato minti 1,170, awa 19 da rabi, fiye da kwanan aiki biyu. Ka san wannan adadin tun kafin wani ya lissafa maka shi. Oga mai lura zai yi wannan lissafin a zuci tun kana magana, kuma in ya ga ka riga shi, zancen zai yi sauƙi.

Gyara ranakun a gida tukuna

Kafin ka nemi ofis ya sassauta, duba abin da za a iya gyarawa ta ɓangarenka. Ba duk safiya ba ce take da nauyi ɗaya a wurin aiki. Ofisoshi da yawa suna yin mitin ɗin mako ranar Litinin da safe, kuma hanya ma ta fi cushewa ranar. Juma'a gajeriyar rana ce, ana fita masallaci, wasu wuraren ma ba a dawowa, don haka babu inda za ka rama lokaci. A misalinmu, da farko ranakun mutumin Litinin da Laraba ne, amma sashensu yana zama kowace Litinin ƙarfe takwas da rabi. Sai suka yi musaya da maiɗakinsa, ita ta ɗauki Litinin, Laraba da Juma'a, shi ya koma Talata da Alhamis. Wannan musayar kaɗai ta cire rabin gardamar da za a yi a ofis.

Ka tambayi makarantar ma ko ana karɓar yara kafin lokacin buɗe ƙofa, ko akwai malamin da yake zuwa da wuri, ko motar makaranta tana bi ta unguwarku. Ko da amsar a'a ce, tambayar tana da amfani, domin oga zai ce maka, “Ba za a iya sa mai adaidaita ya riƙa kai su ba?” Gara ka kasance da amsa a hannu: an gwada, ko ƙaramin bai kai a bar shi da wani ba, ko makarantar ba ta karɓar ɗan nazare sai daga hannun iyaye.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne ranakun su tsaya. “Wasu ranaku” ba tsari ba ne. “Talata da Alhamis” tsari ne, domin abokin aikinka zai iya shirya nasa aikin a kai. Idan yanayin gidanku bai bari ranakun su tsaya ba, misali abokin zamanka yana aikin karɓa-karɓa a asibiti kuma jadawalinsa yana sauyawa, to ka tsayar da ranar sanarwa: kowace Alhamis kafin a tashi, za ka faɗi ranakun mako mai zuwa.

San abin da ƙa'idar wurin ta ce

Duba takardar ɗaukarka aiki da kundin ma'aikata, in akwai. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta bar lokutan aiki ga yarjejeniya tsakanin ma'aikaci da mai aiki, ko tsakanin ƙungiyar ma'aikata da masu aiki. Ma'ana, lokacin da ke cikin takardarka shi ne abin da ka amince da shi, kuma sauya shi sai da yardar ɗaya ɓangaren. Alfarma kake nema, ka shiga da wannan fahimtar. A aikin gwamnati kuma, dokokin ma'aikata sun sa yawan latti cikin laifuffukan da ake ba mutum takardar tuhuma a kansu. Wannan ne dalilin da ya sa yardar baki ba ta isa ba. Ogan da ya ce maka “ba komai, je ka” ana iya yi masa canjin wurin aiki gobe, wanda ya gaje shi kuma abin da zai gani rajista ce kawai, sunanka a ƙarƙashin jan layi sau biyu kowane mako.

Saboda haka ka gano wa yake riƙe da rajistar, ƙarfe nawa ake jan layi, kuma in na'urar yatsa ce, ina bayananta suke zuwa. A wasu kamfanonin na'urar tana haɗe da lissafin albashi, tana cire kuɗin latti ba tare da ta san abin da kuka yi da oga ba. Idan haka ne, sashen kula da ma'aikata dole ya san da maganar, ya gyara lokacinka a can.

Oga ne farko, kuma ido da ido

Kada abokan aiki su riga shugaban sashe ji. Kada kuma ya tsinci maganar a zauren WhatsApp na ofis tare da kowa. In ka yi haka ka mayar da shi ɗan kallo a kan abin da shi ne mai yanke hukuncinsa, kuma ko da yana da niyyar yarda, sai ya ji an yi masa shigo-shigo ba zurfi. Ka nemi ganinsa aƙalla mako guda kafin a fara, in da hali kafin a koma makaranta. Zaɓi lokacin da hankalinsa yake kwance, kamar bayan azahar a tsakiyar mako. Kada ka je ranar da ka makara, domin a ranar duk abin da ka faɗa zai zama kare kai. A sashen kuɗi kuma kada ka je a kwanakin rufe lissafin wata.

Bayan gaisuwa, maganar ba ta bukatar wuce minti biyar. Ga yadda mutuminmu zai iya cewa:

“Ranka ya daɗe, wata alfarma na zo nema. Daga makon da za a koma makaranta, ni ne zan riƙa kai yara ranakun Talata da Alhamis, kuma ba a buɗe ƙofar makarantar sai bakwai da rabi. Na auna hanyar, na ga ba zan iya zama a tebur ba sai tara saura kwata. Sauran ranakun ina nan takwas kamar yadda aka saba, mitin ɗin Litinin ma ba zai taɓu ba. A ranakun biyu ina so in riƙa tashi shida saura kwata don in rama. Rahoton kuɗin safe kuma zan riƙa haɗa shi tun yamma kafin in tafi. In ka amince, a gwada zuwa ƙarshen wannan zangon, sannan a duba.”

Duba abin da ke ciki: ranaku, lokaci, dalili a jimla ɗaya, abin da ba zai sauya ba, yadda za a rama, da ranar da za a sake dubawa. Abin da babu a ciki shi ma da gangan ne. Babu dogon labarin gida, babu kukan tsadar mai, babu bayanin aikin maiɗaki. Dalilin kai yara makaranta ya isa, kowa ya san shi. Yawan bayani yana buɗe ƙofar shawarwari, sai ka ga zaman ya koma kan yadda ya kamata ka tafiyar da gidanka. Mata ma'aikata sun fi fuskantar wannan, don akwai wanda zai ce, “Ina maigidan naki?” Maza kuma akan ce musu, “Ina uwar yaran?” Amsa ɗaya ce ga duka biyun, cikin ladabi: “Mun raba ranakun ne, waɗannan biyun su ne nawa.” Daga nan a koma kan aiki.

Ka kula da bambancin neman izini da sanarwa. Wurin oga izini kake nema, shi ya sa ake cewa “in ka amince”. Wurin abokan aiki kuwa, bayan oga ya yarda, sanarwa ce da neman haɗin kai. Masu juya wannan tsari suna shan wahala: su je su sanar da oga kamar an gama magana, sannan su zo suna roƙon abokan aiki ɗaya bayan ɗaya kamar su ne masu ba da izini.

Game da ramuwa, kada ka yi alkawarin abin da ba zai yiwu ba. Idan kai ne kuma mai ɗauko yaran ko mai kai su Islamiyya da yamma, tsayawa bayan an tashi ba taka ba ce. Sai ka duba zuwa da wuri a sauran ranakun, wato bakwai da rabi sau uku a mako, wanda shi ma minti 90 ne cif. Ko ka rage hutun rana, amma ka bar wa salla da abinci lokacinsu, don wanda ya ce zai yi aiki babu hutu ba ya kai mako uku. Kuma ramuwar ta zama mai amfani ga ofis. Zaman shida saura kwata a wurin da ake kashe janareto ƙarfe biyar, zama ne kawai.

Idan oga ya ce a'a, tambaye shi abin da yake tsoro takamaimai. Sau da yawa abu ɗaya ne: ko wani aikin safe da ba ya so ya kwanta, ko fargabar kowa zai taso da irin wannan bukata. Na farko ana magance shi da wanda zai riƙe aikin. Na biyun kuma da gwaji mai wa'adi, kamar mako huɗu, da sharaɗin in an ga aiki ya taɓu a koma yadda ake.

Rubuta shi a ranar

Da ka fito daga ofishinsa, aika masa imel ko ka rubuta gajeriyar takarda, gwargwadon abin da aka saba a wurin. A aikin gwamnati takarda ce, ta bi ta hannun shugaban sashe, ya rubuta amincewarsa a jiki, a sa a fayil ɗinka, kai ma ka riƙe kwafi. Abin da za a rubuta bai wuce wannan ba:

“Ranka ya daɗe, ina godiya da amincewar da ka yi yau. Kamar yadda muka tsayar, daga makon da za a koma makaranta zuwa ƙarshen zangon farko, zan riƙa fara aiki 8:45 ranakun Talata da Alhamis, in tashi 5:45. Litinin, Laraba da Juma'a babu sauyi. A lokutan hutun makaranta zan koma ƙarfe 8:00 kowace rana.”

A taka takardar ka sa ainihin kwanan watan farawa da na ƙarewa. Layin ƙarshe na maganar hutu yana da daraja, don yana nuna cewa alfarmar tana tafiya ne da dalilinta. Makarantu a Najeriya zango uku suke yi, daga wajen Satumba zuwa Disamba, Janairu zuwa wajen Afrilu, sannan na uku zuwa Yuli, ga hutun tsakiyar zango da dogon hutu. Wanda ya ci gaba da zuwa tara saura kwata a watan Agusta, alhali kowa ya san yara suna gida, ya rusa hujjarsa da hannunsa.

Waɗanda abin zai taɓa kai tsaye

Kafin sanarwar gaba ɗaya, zauna ka rubuta duk abin da kake yi tsakanin takwas da tara saura kwata. Za ka yi mamakin yawansu. Wataƙila makullin ofis ko na ma'ajiya yana hannunka. Wataƙila kai ne kake sa hannu kafin direba ya fita, ko kake ba da kuɗin mai, ko kake ɗaukar wayar kwastomomin safe. Kowane ɗaya sai an san inda zai koma: wanda za a iya yi tun yamma a yi shi tun yamma, wanda zai iya jira ya jira, wanda ba zai jira ba a ba wani mutum takamaimai.

“Wani zai riƙe” ba magana ba ce. A faɗi sunan mai riƙewa, kuma shi ya amsa da bakinsa. A misalinmu abu biyu ne ba sa jira: takardar kuɗin man direbobi da kiran da banki ko masu kawo kaya suke yi da safe. Mutuminmu sai ya sami abokiyar aikinsa ita kaɗai ya ce: “Hajiya, na yi magana da oga, zan riƙa shigowa tara saura kwata Talata da Alhamis saboda kai yara. Takardun man direbobi zan shirya su tun yamma in ajiye a tire, miƙawa ce kawai. In banki suka kira, ki rubuta mini, zan neme su da na shigo. Ni kuma zan karɓar miki rufe akwatin kuɗi na yamma a ranakun, tunda ina nan har shida saura kwata. Ya yi miki?”

Musayar nan ita ce ke sa tsarin ya daɗe. Abokin aiki zai taimaka maka kyauta mako biyu ko uku da zuciya ɗaya, amma zango guda yana da tsawo, kuma wanda yake ɗaukar kayan wani kullum ba tare da an rage masa nasa ba, ƙorafi zai fara, ba kuma a gabanka zai yi ba. Sai dai a yi hattara da abin da ba a miƙawa. Kalmar sirrinka ta kwamfuta ko ta manhajar banki ba abin bayarwa ba ce, haka ma sa hannu a madadinka. Mafi muni shi ne ka roƙi wani ya rubuta sunanka a rajista kafin ka iso. Ranar da aka gano, laifin ya tashi daga latti ya koma yaudara, kuma ka ja abokinka ciki.

Sanarwar kowa da kowa

Yanzu ne lokacin zauren ofis ko mitin ɗin mako. Sau ɗaya ake yin ta, a taƙaice:

“Assalamu alaikum. Da amincewar shugaban sashe, daga mako mai zuwa har ƙarshen zangon karatu zan riƙa shigowa 8:45 ranakun Talata da Alhamis saboda kai yara makaranta, in tashi 5:45. Takardun man direbobi suna wurin Hajiya Wance a waɗannan safiyoyin. Ina tuƙi daga 7:40 har in iso, ba zan ga saƙo ba, abin gaggawa a sanar da ita. Na gode.”

Ba a cika ta da ba da haƙuri, “na gode” ta wadatar. Sunan makarantar yaran da unguwarta ba su da wuri a saƙon da mutum ashirin ko talatin za su gani, wasu ma su tura shi gaba. Maganar tuƙi kuma a faɗe ta yadda take. Mutane suna son su ce “ana iya samuna a waya kowane lokaci” don su nuna ƙwazo, sannan su zo suna duba saƙo a kan titi, ko kuma a kira ba su ɗauka ba a ce sun yi ƙarya. Wanda yake cikin adaidaita zai iya amsa saƙo, wanda yake riƙe da sitiyari ba zai iya ba. In ofishinku yana amfani da kalandar kwamfuta, toshe takwas zuwa tara saura kwata a ranakun, ka sa ya riƙa maimaituwa har ranar ƙarshen zango, don kada a sa maka mitin a ciki. Kada ka manta da waɗanda ba sa cikin zauren: maigadi, masinja, direbobi, da mai zama a teburin karɓar baƙi. Su ne ake fara tambaya “ina wane?”, kuma in ba su sani ba, amsarsu “bai zo ba” ce, wadda take da wani nauyi a kunnen baƙo ko babban manaja.

Abin da yake ɓata tsarin bayan an fara

Na farko shi ne zamewar lokaci. Mako na farko 8:35, na huɗu 8:50, na takwas tara ta wuce. Dalilin a bayyane yake: da matsin takwas ya sauka, sai a fara tsayawa sayen ƙosai, shan mai, biyan kuɗin wuta a hanya. Alamar da za ka gane shi ita ce ka daina duba agogo in ka shigo. Ci gaba da rubuta lokacin zamanka a tebur, ko da a makonnin farko ne. In ka ga 8:45 ɗin da gaske ba ta isa, koma wurin oga a gyara ta. Kada ka bar ta ta gyara kanta.

Na biyu, yaɗuwa zuwa sauran ranaku. Laraba ɗaya maiɗaki ba ta da lafiya, ka kai yaran, ba ka faɗa wa kowa ba don “ai sun sani”. Abin da suka sani Talata da Alhamis ne. Duk ranar da ta fita daga tsari, ana sanar da ita daban, tun daren jiya in ka sani, ko da asuba.

Na uku, ranar da za ka wuce lokacin da kanka ka yanka: ruwan sama da safe a damina, taya ta yi faci, yaro ya yi amai a mota, an rufe hanya. Ƙa'idar ita ce saƙo ya isa kafin 8:45, ba bayanta ba, kuma ya ƙunshi sabon lokaci. Ka tsaya a gefen titi ka rubuta wa oga da mai riƙe maka aiki: “Ruwa ya tsare mu a Kabuga, zan iso 9:15.” “Ina hanya” ba ta gaya wa kowa komai, don wanda bai fito daga gida ba ma haka yake cewa.

Akwai kuma ranakun da ofis ne zai bukace ka takwas ko ta halin ƙaƙa: masu binciken kuɗi sun zo, manyan baƙi daga hedikwata, ko rufe lissafin shekara. Ka tanadi mafita ta irin wannan rana tun yanzu, ko musaya da maiɗaki, ko wani ɗan'uwa ko maƙwabcin da yaransa suke makaranta ɗaya da naka, wanda makarantar ta san fuskarsa. Ka gaya wa oga tun farko cewa in an sanar da kai da kwana ɗaya ko biyu za ka iya. Sanin haka yana sa shugabanni da yawa su saki jiki su amince.

Lokutan kuma suna motsi a cikin shekara. A watan azumi makarantu da ofisoshi sukan sauya jadawali, kuma tsayawa har shida saura kwata dab da shan ruwa ba za ta yi daɗi ba, sai a mayar da ramuwar zuwa safiyar sauran ranaku. Da hunturu shirya yara yana ɗaukar lokaci, ga dafa ruwan wanka ga hazo a hanya. Makon jarrabawa ma wasu makarantun suna sauya lokacin shiga. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan saƙo ɗaya yake bukata, mako guda kafin ya zo.

Mako biyu kafin zango ya ƙare, kai ne za ka tayar da maganar, kada ka jira a tuna maka. Fara da mai riƙe maka aiki: akwai abin da ya yi mata nauyi, akwai safiyar da aka neme ka aka rasa? Sannan ka je wurin oga da lokutan da ka rubuta, ka ce ko kana neman a sabunta zuwa zango na gaba da sababbin kwanan wata, ko kuwa yanayi ya sauya za ka koma takwas. Idan za a sabunta, a sake rubutawa, kuma in an sami sabon shugaban sashe a tsakani, a kai masa kwafin takardar farko tun makonsa na farko a ofis.